Kafin Ka Taɓa Linki, Karanta Sunan Mai Shi

Jama'a masu sauraro, mutanen Sabonjida da Zogbeli da Lamashegu da Aboabo, da duk inda muryarmu ta kai a Tamale da kewaye. 

Sharhinmu na yau a kan abubuwa biyu ne da suke shigo mana cikin saƙonnin waya kusan kullum. Na farko shi ne gajeren linki, wato ɗan rubutun nan mai launin shuɗi da yake farawa da bit.ly ko tinyurl, sai wasu haruffa da lambobi marasa ma'ana su biyo baya. Na biyu shi ne lambar QR, hoton nan mai kusurwa huɗu da baƙaƙen ɗigo-ɗigo, wanda ake ɗora masa kyamarar waya. Kamanninsu daban ne, amma halinsu ɗaya: dukansu suna kai mutum wani wuri ba tare da sun nuna masa sunan wurin ba. Abin da nake so mu fita da shi yau shi ne yadda za mu ga sunan wurin kafin mu je, da yadda za mu karanta shi, da abin da za mu ƙi yi in mun isa.

Ba don cuta aka ƙirƙiro su ba. Lambar QR ta fito daga ƙasar Jafan a shekarar 1994, a kamfanin Denso Wave, inda injiniya Masahiro Hara da abokan aikinsa suka tsara ta domin bin sawun kayan gyaran mota a masana'anta. A nan Ghana ma, a watan Maris na 2020 aka ƙaddamar da GhQR, wanda kamfanin GhIPSS na Babban Bankin Ghana yake gudanarwa, domin mai shago ya karɓi kuɗi daga banki ko daga asusun waya da lamba guda. Shi kuwa gajeren linki, amfaninsa shi ne a taƙaita dogon adireshi ya shiga cikin saƙo. Matsalar ita ce kowa yana iya haɗa su, kyauta, cikin minti ɗaya, babu wanda zai tambaye shi ko shi wane ne. Lambar QR ta banki da ta ɓarawo, ido ba ya bambanta su. Tambarin kamfani da aka liƙa a tsakiyar hoton ma ba shaida ba ne, domin duk mai waya zai iya liƙa shi.

Duk wanda ya taɓa sayen buhun masara a kasuwar Aboabo ya san ba a biyan kuɗin buhu a ɗinke sai an soka masa ƙarfe an ga ƙwayar da ke ciki. To shi ma linki akwai yadda ake soka shi, kuma bari mu bi misali guda daga farko har ƙarshe. Misalin na tsara shi ne domin darasi, amma salonsa sananne ne ga duk mai WhatsApp.

A ce ana saura kwana uku Sallah, sai saƙo ya shigo zauren WhatsApp na danginku daga lambar ƙanwar mahaifiyarka. Saƙon ya ce kamfanin MTN yana rabon data kyauta ta barka da Sallah, a taɓa nan kafin ƙarfe 12 na dare. A ƙasa ga linkin bit.ly, ga kuma hoton lambar QR ga wanda ya fi son wannan.

Abu na farko ba ya buƙatar ilimin boko ko kaɗan. Ka tambayi kanka: na nemi wannan abin? Ina jiran sa? In amsar a'a ce, to saƙon ne ya neme ka, kuma wannan kaɗai ya isa ka yi a hankali. Sannan ka lura da wa'adin da aka gindaya. Mai damfara yana sa wa'adi ne domin kada ka samu lokacin tambayar kowa. Ka kuma duba saman saƙon: in WhatsApp ya rubuta Forwarded many times, to saƙon ya bi hannaye da yawa, kuma wadda ta turo maka ba ta san asalinsa ba. Sai ka kira ta da murya, ka ce: Inna, ke kika turo wannan? Kin samu datar? Kada ka tambaya a rubuce, domin in an riga an shiga WhatsApp ɗinta, ɓarawon ne zai amsa maka, kuma zai ce ƙwarai, ya samu.

Abu na biyu shi ne buɗe murfin linkin ba tare da shiga ba. Kada ka taɓa shi taɓawar buɗewa. Ka ɗora yatsa a kansa ka danne na ɗan lokaci har ya kwafu, ko ka ga kalmar Copy ka zaɓe ta. Ka je Chrome, ka liƙa shi a wurin rubuta adireshi, amma kafin ka tura, ka ƙara alamar tarawa, wato +, a ƙarshensa, ba tare da barin fili ba. In linkin na bit.ly ne, wannan alama za ta kai ka shafin kamfanin Bitly da kansa, inda zai nuna maka cikakken adireshin da aka ɓoye. Wannan dabara ta bit.ly ce, ba kowane mai taƙaita linki ne yake amsa ta ba. Ga sauran, akwai shafin virustotal.com: ka shiga, ka zaɓi URL, ka liƙa linkin, zai gwada shi da manhajojin tsaro masu yawa, kuma a ɓangaren Details yakan nuna inda linkin ya ƙare. In ya nuna ja, magana ta ƙare. In bai nuna komai ba, kada ka ɗauka an wanke shi, domin shafin da aka buɗe jiya da daddare mai yiwuwa babu wanda ya kai ƙararsa tukuna.

Ita ma lambar QR haka ake yi mata. Tunda a cikin wayarka hoton yake, kyamarar wayar ba za ta iya kallon fuskar wayar ba. Sai ka buɗe hoton da Google Lens, wanda yake cikin yawancin wayoyin Android. Zai karanta lambar ya rubuta maka abin da ke cikinta, ya jira ka. A nan ne mutane suke sauri. Karantawar ba ta buɗe komai ba. Taɓa rubutun da ya fito ne yake buɗewa. Ka tsaya ka duba. Sau da yawa abin da zai fito wani gajeren linki ne kuma, wato murfi a kan murfi, sai ka kwafe shi ka yi masa abin da muka faɗa. Kuma don Allah kada ku riƙa sauke manhajojin karanta QR barkatai. Kyamarar waya da Google Lens sun wadatar.

Yanzu mun zo gundarin maganar. A ce mun buɗe murfin, sai ga wannan adireshi, wanda ni na ƙirƙira domin misali:

```
https://mtn.com.gh.kyautarsallah.top/data
```

Mutum zai ga mtn.com.gh a farko, hankalinsa ya kwanta, domin kuwa mtn.com.gh shi ne adireshin MTN na gaskiya a Ghana. Amma ba daga farko ake gane mai adireshi ba. Ga yadda ake yi. Ka tsallake https da karkatattun sanduna biyun nan da ke bayansa. Ka ci gaba har ka tarar da karkatacciyar sanda ta farko da take ita kaɗai. Ka tsaya nan, ka juyo baya, ka karanta daga dama zuwa hagu, kamar yadda muke karanta allo. Kalmar farko da za ka tarar ita ce top. Ta biyu ita ce kyautarsallah. To sunan mai shafin ke nan: kyautarsallah.top. Duk abin da ke hagu da wannan, mai shafin ne ya rubuta shi da hannunsa, kuma yana iya rubuta sunan kowane banki, kowace ma'aikata. Haka duk abin da ke bayan sandar nan, shi ma shi ya rubuta.

A adireshin Ghana ƙarshen yakan zo kashi biyu: com.gh na kamfanoni, edu.gh na makarantu, gov.gh na hukumomin gwamnati. Don haka sunan mai shafi shi ne kalmar da take manne da wannan ƙarshen. Jami'ar UDS da ke nan Tamale, uds.edu.gh ce. Hukumar da ke ba da katin Ghana Card, nia.gov.gh ce. In ka ga waɗannan, kuma bayan gh ɗin nan sanda ce ta biyo ko babu komai, to nasu ne. In bayan gh ɗigo ne ya biyo da wata kalma, to na wani ne. Haka in ka ga an haɗa suna da ɗan karan tsakiya, kamar mtn-ghana-promo.com, wannan suna guda ne da wani ya saya, ba reshen MTN ba ne. Sai kuma haruffa masu kama da juna: harafin r da n in sun jeru, a ƙaramar fuskar waya suna kama da m, har rntn ya yi kama da mtn. Ka faɗaɗa rubutun da yatsu biyu ka duba da kyau.

Akwai abubuwa biyu da suke ruɗin har masu ilimi. Na farko https ko alamar kwaɗo. Ma'anarta kawai ita ce wani na uku ba zai leƙa abin da kake aika wa shafin ba. Ba ta ce mai shafin mutumin kirki ne ba, kuma ɓarayi ma suna samun ta kyauta. Na biyu, adireshin da sunansa na gaskiya ne amma kowa yana iya gina shafi a cikinsa, irin su docs.google.com ko forms.gle ko wanda ya ƙare da blogspot.com. Sunan na Google ne, amma fom ɗin na wanda ya haɗa shi ne. In aka ce ana ɗaukar aikin ɗan sanda ko soja, ko ana rajistar kujerar Hajji, aka kai ka irin wannan fom aka ce ka tura kuɗi zuwa lambar wani mutum, sunan Google ba zai dawo maka da ko sidi ɗaya ba.

To a ce ba ka yi duk wannan ba, ka riga ka taɓa. Kada ka firgita. A wayar da ake sabunta manhajojinta, da wuya buɗe shafi kawai ya kwashe kuɗi. Ɓarnar tana zuwa ne daga abin da ka yi bayan shafin ya buɗe. Mu koma misalinmu. Shafin ya fito da launin ruwan ɗorawa da tambarin kamfani, da sunayen mutane a ƙasa suna godiya wai sun samu. Ya ce ka rubuta lambar wayarka. Ka rubuta. Sai ya nuna maka wasu haruffa da lambobi guda 8, ya ce ka shiga WhatsApp ka rubuta su domin a tabbatar kai ne.

Ga abin da yake faruwa a bayan fage. WhatsApp yana ba mutum damar haɗa asusunsa da wasu na'urori har guda 4, kamar kwamfuta, ta wurin da ake kira Linked devices. Hanyar haɗawa biyu ce: ko ka ɗauki lambar QR da kwamfutar ta nuna, ko ka rubuta haruffa 8 da ta ba ka. Ɓarawon yana zaune a gaban tasa kwamfutar. Ya ɗauki lambar wayarka da ka rubuta, ya nemi WhatsApp ya haɗa shi da asusunka, WhatsApp ya ba shi haruffan, shi kuma ya nuna maka su a shafinsa. Da ka rubuta su a wayarka, ka ba shi izini da hannunka. Haka in ya nuna maka lambar QR ya ce ka buɗe ta a wata wayar ka ɗauke ta daga cikin WhatsApp ɗinka.

Abin da ya sa wannan ya fi muni shi ne ba za a fitar da kai daga WhatsApp ba. Wayarka tana aiki kamar kullum, shi kuma yana karanta hirarka, yana ganin wa kake kira Yaya, wa kake kira Alhaji, wa yake turo maka kuɗi daga Kumasi ko Accra. Sai ya rubuta wa ɗan'uwanka da irin lafazinka: Yaya, ina asibiti da yaro, MoMo ɗina ya samu matsala, taimaka ka tura sidi 500 zuwa wannan lambar, gobe zan mayar. Sannan ya tura linkin nan na Sallah zuwa duk zaurukan da kake ciki, da sunanka. Ta haka ne saƙon ya zo maka daga lambar innarka tun farko.

Don haka ga dokar da ba ta da togiya: babu wata kyauta, babu ƙuri'ar gasa, babu tallafi da yake buƙatar ka shiga Linked devices. Wurin nan na haɗa kwamfutar da take gabanka ne, wadda kai ka buɗe da kanka. Duk wanda ya ce ka shiga can saboda wani dalili daban, asusunka yake nema.

Sauran abubuwan da shafin ƙarya yake roƙo guda uku ne. Na ɗaya, lambar sirrin MoMo. Ku riƙe wannan da kyau: karɓar kuɗi ba ya buƙatar lambar sirri. Ana sa ta ne in kuɗi zai fita. Wanda ya turo maka lambar QR ya ce ka ɗauke ta domin ya biya ka kuɗin shinkafa ko na ɗinki, ya juya maganar. A tsarin GhQR mai biya ne yake ɗaukar lambar mai karɓa, ya duba sunan da ya fito, ya amince. In kai ne ake bin ka da ka ɗauka, kai ne za ka biya. Haka in tambayar amincewa ta faɗo a fuskar wayarka, ko ka tarar da ita a My Approvals cikin *170#, alhali ba kai ka fara cinikin ba, ka soke ta. Na biyu, lambobi 6 da suke zuwa ta tes, na WhatsApp ko na banki. Ba a faɗa wa kowa su, ko da ya ce daga ofis yake. Na uku, sauke manhajar da sunanta ya ƙare da .apk. In waya ta gargaɗe ka cewa abin ba daga Play Store yake ba, ka ji gargaɗin. Irin wannan manhaja in ta samu izinin karanta tes, lambobin bankinka za su riƙa isa wurin mai ita kafin ka gan su.

Na san da yawa daga cikin iyayenmu da 'yan kasuwarmu ba sa karanta rubutun Turanci, saƙon murya suke amfani da shi. Hajiya, Baba, ba a bar ku a baya ba. Ba sai kun karanta adireshi ba. Ku kira wanda ya turo da murya. In ana maganar kuɗi ko katin shaida, ku taka da ƙafa zuwa ofishin, ko ku buga lambar da kuka riga kuka sani. Ku kuma samari da 'yan makaranta da ake miƙo wa waya a ce duba min, amana ce aka ba ku. Kada ku taɓa linkin domin ku ga abin da zai faru a wayar tsohuwa. Ku buɗe murfin, ku karanta daga dama, ku gaya mata gaskiya. Masu kula da zaurukan masallaci da na 'yan kasuwa da na dangi, in kun ga irin wannan saƙo ku goge shi ga kowa, ku kira wanda ya turo, domin wataƙila bai san an shiga asusunsa ba.

Wanda kuma ya riga ya faɗa, ga abin yi, kuma a yi shi nan take. Ka buɗe WhatsApp, ka taɓa ɗigo ukun nan na sama, ka zaɓi Linked devices. A iPhone yana cikin Settings. Duk na'urar da ka gani ba ka san ta ba, ka taɓa ta ka zaɓi Log out. Sannan ka sanar da mutanenka da murya cewa kada su tura kuɗi. Ka shiga Settings, Account, Two-step verification, ka sa lamba 6 ta kanka. Wannan tana hana wanda ya saci lambar tes ya ɗauke asusunka zuwa wayarsa, amma ba ta hana haɗawar da ka amince da ita da hannunka, shi ya sa duba Linked devices yake da muhimmanci. In ka rubuta lambar sirrin MoMo a wani shafi, ka canza ta yanzu ta *170# in kana MTN, ko *110# in kana Telecel ko AT, ka kira kamfanin. Na MTN lamba 100 ce. In manhaja ka sauke, ka kashe data, ka cire ta, ka canza kalmomin sirrinka daga wata wayar. Daga nan ka kai rahoto ga Hukumar Tsaron Intanet ta Ƙasa, wato CSA, wadda dokar Act 1038 ta shekarar 2020 ta kafa. Ana kiran su ko a tura musu tes a lamba 292. Ka ajiye hoton saƙon da lambar da aka tura wa kuɗin, domin su ne shaidarka. Kuɗin da aka riga aka cire a wurin mai MoMo yana da wuyar dawowa, don haka kowane minti yana da daraja. Kada kunya ta sa ka yi shiru, domin shirunka ne yake ba ɓarawon lokacin cutar danginka da sunanka.

Ga wanda yake da biro a kusa, a rubuta: 292 domin kai rahoto, alamar + a ƙarshen bit.ly, da karanta adireshi daga sanda ta farko zuwa hagu. Da zarar an rufe wannan shiri, kowa ya buɗe Linked devices a wayarsa, ya kuma duba wa mahaifiyarsa da maƙwabcinsa. Aikin minti ɗaya ne.

Allah Ya tsare mana dukiyarmu da mutuncinmu, Ya kare mu daga sharrin macuta.